Telan da shayi mai kauri ya hana sakat, alhali fura ba ta taɓa shi

Ƙanin matata tela ne, shekararsa 36, shagonsa yana cikin birnin Kano. Ba zan ambaci sunansa ba, Tela kawai zan riƙa ce masa kamar yadda 'yan layinsu suke yi. Wani dare bayan isha'i ya shigo gidana da baƙar leda a hannu, muka gaisa, ya zazzage ta a kan tabarma. Filajil ne, da maganin olsa kala biyu, da maganin taifot da ya sha har zagaye biyu, da wata jarka ta maganin basir da ya saya a bakin kasuwa. Ya ce, "Yaya, kai da kake aikin abinci a asibiti, don Allah duba mini. Wata takwas ke nan cikina ya ƙi ni."

Abin da ya kwatanta bai yi kama da ko ɗaya daga cikin cututtukan da yake sha wa magani ba. Da safe garau yake tashi. Wajen ƙarfe goma sai ciki ya fara ƙugi, irin wanda yaron shagonsa yake ji daga inda yake zaune. Daga nan ciki ya kumbura har ya kwance mazugin wando, iska ta riƙa fita ba ƙaƙƙautawa, mara ta murɗa, sai bayan gida mai ruwa da kumfa sau biyu ko uku kafin azahar. Da yamma abin yakan sake dawowa. Babu zazzaɓi, babu jini, bai rame ba, kuma ciwon bai taɓa tayar da shi daga barci ba. Abin da ya fi damunsa ma alwala ce, don ba ya iya riƙe ta daga azahar zuwa la'asar.

Na tambaye shi ko akwai ranar da yake samun sauƙi. Ya yi shiru, can ya ce sai ranar da ya je ƙauye wajen Inna. Ya ɗauka ruwan rijiyar can ne ya fi na birni kyau.

Abin da yake ci

Ban ce masa komai game da madara ba a daren. Na ba shi takarda na ce ya rubuta duk abin da ya shiga bakinsa na kwana uku, da lokacin da ya ci, da lokacin da cikin ya motsa. Mutane sukan raina wannan, amma a ciwon ciki irin wannan ya fi gwaje-gwaje da yawa amfani.

Da ya dawo da takardar, amsar tana kwance a kanta. Wata tara da suka wuce ya koma sabon shago, kuma teburin mai shayi yana bakin ƙofarsa. Kullum ƙarfe takwas da rabi, ciki babu komai, sai a haɗa masa shayi mai kauri da gwangwanin madara guda, burodi kuma sai in ya ga dama. Da rana ya aika yaro ya sayo fura da yogot irin na roba, rabin lita, mai zaƙi mai sanyi. Da dare in yana aikin ɗinki har tsakar dare, ya jiƙa garin kwaki da sukari da madarar gari cokali uku cike.

Ga lissafin da na yi masa a bayan takardar. Madarar shanu tana da wani sukari nata na halitta da ake kira laktos, kusan giram 5 a kowane mililita 100, wato kimanin giram 12 a kofi guda mai cin mililita 250. Madarar gwangwani an ƙone kusan rabin ruwanta, don haka sukarinta ya ninka, ya kai kusan giram 10 a kowane giram 100. Gwangwani mai giram 160 ke nan yana ɗauke da giram 16. Madarar gari kuwa fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinta wannan sukarin ne, cokali uku cike za su ba da kimanin giram 10. Yogot ɗin rana na ƙiyasta shi a giram 20. Jimilla ya haura giram 45, daidai da mutum ya kafa kai ya shanye kusan lita guda ta madara kowace rana.

Ya dubi lissafin ya yi dariya. Ya ce, "Haba Yaya, ni da na tashi da fura da nono? In madara ce ai da tun ina yaro ta kashe ni." Wannan tambayar ita ce gaɓar lamarin gaba ɗaya, kuma tambaya ce mai kyau.

Yadda abin yake faruwa a ciki

Jiki ba ya iya tsotse sukarin madara yadda yake. Sai an raba shi gida biyu, gulukos da galaktos, sannan ya shiga jini. Mai wannan aikin wani sinadari ne da bangon ƙaramin hanji yake samarwa, sunansa laktes. Jarirai kusan dukkansu suna da shi a wadace, dole ma su samu, tun da nonon uwa ya fi na saniya wannan sukarin, yana da kimanin giram 7 a mililita 100. Bayan yaye sai jiki ya fara rage samar da shi a hankali. Kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya haka suke. Wannan ba cuta ba ce, shi ne asalin yadda jikin yawancin mutane yake. Waɗanda suke riƙe da laktes ɗinsu har tsufa galibi zuriyar makiyaya ne da suka daɗe suna rayuwa a kan madara, irin mutanen arewacin Turai da wasu Larabawa da Fulani.

An auna wannan a Nijeriya tun da daɗewa. A 1971 wasu likitoci, cikinsu har da Olikoye Ransome-Kuti wanda daga baya ya zama ministan lafiya, sun buga sakamakon gwajin da suka yi wa ƙabilu daban-daban. Sun samu yawancin Fulanin daji suna narkar da sukarin madara lafiya lau, Yarbawa da Ibo kusan dukkansu ba sa iyawa bayan ƙuruciya, Hausawa da Fulanin gida kuma mafi yawansu suna ɓangaren marasa iyawa. Bahaushen da shayi ya kumbura wa ciki ba wani baƙon abu ya same shi ba.

Sukarin da bai narke ba yana wucewa zuwa babban hanji, a can yake yin ɓarna iri biyu. Yana janyo ruwa zuwa cikin hanji, shi ya sa bayan gida yake tsinkewa. Sannan ƙwayoyin bakteriya da suke zaune a wurin su yi masa caa, su ruɓar da shi, su fitar da iska, ita ce kumburin da ƙugin da tusar. Daga sha zuwa fara ciwo yakan ɗauki rabin awa zuwa awa biyu, wani lokaci ya ɗan zarce. Shayin Tela na takwas da rabi da ƙugin ƙarfe goma sun yi daidai kamar an auna.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne laktes ɗin raguwa yake yi, ba kasafai yake ƙarewa ƙaf ba. Gwaje-gwaje sun nuna yawancin masu wannan matsalar suna iya ɗaukar kimanin giram 12 a zama ɗaya ba tare da wani abin a zo a gani ba, musamman in tare da abinci ne. A ƙauye Inna tana dama masa fura da ludayi biyu na nono mai tsami, a ƙara ruwa, ga gero yana tare hanya. Sukarin da ke ciki bai kai iyakarsa ba. A birni kuwa ya tsallake iyakar tun a kofin farko, kuma a kan ciki wayam, inda ruwan shayi yake zubewa cikin hanji kai tsaye. Jikinsa bai canza ba a wata takwas ɗin nan, mudun da yake aunawa da shi ne ya canza.

Kafin na yarda da kaina

Akwai abubuwa biyu da sai na kawar kafin na tsaya a kan wannan.

Na farko alajin madara, wanda mutane suke haɗawa da wannan alhali hanyarsu daban. A alaji, garkuwar jiki ce take faɗa da furotin na madara, babu ruwanta da sukari. Alamunsa borin jini ne, kumburin leɓe ko ido, amai, sarƙewar numfashi, sau da yawa cikin mintuna kaɗan, kuma ya fi kama ƙananan yara. Mai alaji ko cokali ɗaya zai iya jefa shi cikin haɗari, kuma kindirmo da cuku ba su tsirar da shi ba, domin furotin ɗin yana nan. Duk abin da zan faɗa a ƙasa game da nono mai tsami bai shafi mai alaji ba. Tela bai taɓa ganin ko ƙurji ɗaya ba.

Na biyu, wani lokaci ƙarancin laktes ɗin alama ce ta wata cuta da ta goge bangon hanji, kamar gudawa mai tsanani, ko ƙwayar jiyadiya da ake ɗauka a gurɓataccen ruwa, ko ciwon hanji mai daɗewa. Irin wannan in an magance tushen, laktes yakan dawo cikin makonni. Shi ya sa na tura shi wajen likita aka yi gwajin bayan gida da na jini. Babu tsutsa, babu jiyadiya, jininsa bai yi ƙasa ba. Da ya ce mini yana ganin jini, ko yana ramewa, ko gudawa tana tashinsa cikin dare, ko zazzaɓi yana zuwa, da ban tsaya maganar shayi ba, sai bincike mai zurfi.

Akwai gwajin asibiti na musamman. A ɗaya, mutum ya sha sukarin madara da aka auna, sannan ya riƙa hura numfashi cikin na'ura na tsawon awa uku ana auna iskar haidurojin da bakteriya suka fitar. A ɗayan, a auna sukarin jini bayan an sha. In bai tashi yadda ya kamata ba, alama ce bai narke ba. Mu dai mun bi hanyar da ba ta cin ko sisi. Mako biyu babu madara kowace iri: ba ta gwangwani, ba ta gari, ba yogot, ba abin shan koko na gari da ake zubawa a shayi, don shi ma akwai madara a ciki. A rana ta huɗu ya kira ni ya ce ya yi la'asar da alwalar azahar.

Dainawa kaɗai ba hujja ba ce, don mutum yana iya jin sauƙi saboda ya sa rai. Sai an dawo da abin an gani. Ranar wata Juma'a da ba ya buɗe shago da safe, ya dama madarar gari kofi guda da rabi ya sha a kan ciki wayam. Kafin awa biyu komai ya dawo, har da kumfar. Gani ya kori ji, daga ranar bai ƙara yi mini gardama ba.

Abubuwan da bai kamata a ɓata lokaci a kansu ba na faɗa masa a taƙaice. Tafasa madara ba ya rage sukarinta. Madarar akuya da ta raƙumi suna da shi kusan daidai da ta saniya. Madarar garin da aka cire mata mai aka maye da man ganye, wadda ta cika kasuwa, ita ma sukarinta yana nan daram, wadda aka tsame mata mai gaba ɗaya ma ta fi yawansa.

Kindirmo da nono

A nan muka fi daɗewa, domin a nan amsar take, kuma a nan aka fi ruɗewa.

Idan madara ta kwana ta yi tsami, bakteriya ne suka ci wani ɓangare na sukarinta suka mayar da shi tsami. Amma ɓangaren bai kai yadda mutane suke zato ba, yawanci kashi ɗaya cikin huɗu ne zuwa ɗaya cikin uku. Kofin kindirmo har yanzu yana da giram 8 ko 9. Da raguwar ce kaɗai, da bambancin bai taka kara ya karya ba. Babban sirrin shi ne bakteriyar da suka tsamar da nonon suna ɗauke da nasu sinadarin narkarwa a jikinsu. In aka sha su da rai, suna ratsa tumbi su isa ƙaramin hanji, a can su ci gaba da farfasa sukarin, kamar baƙon da ya zo da guzurinsa. An fi tabbatar da wannan a kan yogot na gaskiya. Ƙari a kan haka, abu mai kauri yana barin tumbi a hankali, sai ɗan laktes ɗin da ya rage wa mutum ya samu sararin yin aikinsa.

To me ya sa yogot ɗin roba yake tayar masa da ciki? Na ce ya kawo mini guda na ɗanɗana. Zaƙi zalla, tsamin sai ka nema. Yawancin irin wannan da madarar gari ake yi, wasu suna ƙara garin don ya yi kauri, sai sukarin ya fi na madarar asali tun daga farko. Ana katse tsamin da wuri saboda masu saye sun fi son mai zaƙi. Wanda kuma yake zama wata da watanni a kan kanta ba firji, an dafa shi bayan ya yi tsami don ya daɗe, bakteriyarsa sun mutu, guzurin ya ƙone. Ga shi kuma rabin lita yake sha a tashi ɗaya. Ko kindirmo na ƙwarai ne, rabin lita zai kai shi bakin iyaka.

Nonon tallan ƙwarya, irin tsalar da aka kaɗe aka cire man shanu, ya fi tsami kuma an sirka shi da ruwa, shi ya sa bai cika damun kowa ba. Matsalarsa daban ce. In ba a tafasa madarar ba kafin a kwantar da ita, tana iya ɗauko cutar bakkale da tarin fuka na shanu, kuma tsami ba ya ba da tabbacin kashe su. Ruwan da aka sirka da shi ma abin dubawa ne. Wanda nonon talla ya sa shi gudawa da zazzaɓi washegari, ba sukarin madara ne ya kama shi ba.

Mafita ita ce matarsa ta fara haɗawa a gida. Ta tafasa madara lita guda, ta shanu in an samu, ko ta gari da aka dama daidai ba a cika ba. Ta bar ta ta huce har yatsa ya iya zama a ciki ba ƙuna amma da ɗumi sosai. Ta zuba cokali biyu na kindirmo mai rai a matsayin iri, ta juya, ta rufe, ta naɗe kwanon da tawul, ta bar shi ya kwana, awa goma zuwa sha biyu. Karo na farko ta buɗe bayan awa biyar don ta ga ya kama, ya yi kyau a ido amma babu tsami, kuma Tela ya ji shi a cikinsa. Kamawa daban, tsami daban, harshe ne alƙali. Lokacin sanyi sai an ƙara masa lokaci, lokacin zafi kuwa yakan yi da wuri. In ta so ƙara rage sukarin, sai ta juye shi a kan tsaftataccen ƙyalle ruwan ya tsiyaye na awa biyu, domin sukarin a cikin ruwan yake narke. Wannan ne dalilin da ya sa cukun da ake kawowa daga Nijar da man shanu ba su cika damun masu wannan matsalar ba: ruwan ya tafi da yawancin sukarin.

Mun fara da rabin kofi a cikin fura bayan abincin rana, kwana uku. Shiru. Muka kai kofi guda. Shiru. Kofi biyu a zama ɗaya ya kawo kumburi ba gudawa. Iyakarsa ke nan, kuma ta wani ba lallai ta zama ita ba.

Waken suya da aya

Shayin safe shi ne ya rage, don kindirmo ba ya shiga shayi. A nan madarar tsirrai ta shigo. Fa'idarta a fili take, babu sukarin madara a cikinta ko ƙwayar zarra. Tambayar ita ce me take mayarwa daga abin da aka rasa. Kofin madarar shanu yana ba da furotin kimanin giram 8, da kalsiyam kusan miligiram 300, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da babba yake buƙata a rana, da bitamin B12.

Madarar waken suya tana kusantar ta shanu a furotin, kofi yana ba da wajen giram 7 in ba a cika mata ruwa ba. Amma wadda aka yi a gida kalsiyam ɗinta da ƙyar ya kai kashi ɗaya cikin biyar na ta shanu, B12 kuwa babu. Ta kwali da aka ƙara wa kalsiyam takan cike wannan giɓin, sai dai a duba rubutun jikinta a tabbatar, a kuma girgiza ta kafin a zuba don kalsiyam ɗin yana kwanciya a ƙasa. Tsadarta ta fi ƙarfin aljihun tela a kullum.

Gwajinsa na farko da ta gida bai yi daɗi ba. Ciki ya cika da iska, ya kira ni yana cewa, "Yaya, wannan ma ai duk kanwar ja ce." Ba laktos ba ne. Waken suya, kamar kowane wake, yana da nasa sukarin da hanjin kowa ba ya narkarwa, bakteriya su mayar da shi iska. An jiƙa waken awa biyu kacal, aka markaɗa da ruwan jiƙon. Da aka gyara, aka jiƙa shi ya kwana, aka zubar da ruwan, aka murje ɓawon, aka markaɗa, aka tace, aka tafasa minti ashirin ana juyawa, sai iskar ta ragu ƙwarai. Tafasawar dole ce, don ɗanyen waken suya yana da sinadarin da yake hana narkar da furotin. Duk da haka bai so ta a shayi ba. Ƙamshin wake yana tasowa, kuma takan tsinke in shayin ya yi zafi da yawa.

Kunun aya kuwa yana sonsa, cikinsa ma ya karɓa. Ni ne na ƙi a kira shi madara. Fari ne kawai ya haɗa su. Furotin ɗinsa ɗan kaɗan ne, kalsiyam haka, abin da ya fi yawa a ciki sitaci ne da mai da zaƙin dabino da sukarin da aka zuba. Abin sha ne mai kyau, a sha shi a matsayinsa. Madarar shinkafa da ta almon da ake gani a manyan kantuna su ma furotin ɗinsu bai kai ko kusa ba. Kuma kunun aya ba ya jure zafi: wanda aka haɗa da safe aka bari ba sanyi, kafin la'asar ya fara juyawa. Sau ɗaya Tela ya sha irin wannan ya kwana yana zarya, har ya fara zargin ko aya ma tana da laktos.

Da ya matsa mini in zaɓa masa ɗaya, na ce kindirmo mai tsami da aka yi da tafasasshiyar madara. Dalilina shi ne yana riƙe da duk abin da madara take da shi, furotin da kalsiyam da B12, ga araha, ga shi abincin da bakinsa ya saba da shi. Madarar waken suya ita ce ta wanda ko rabin kofin kindirmo yake tayar masa da ciki, ko mai alajin madara in likitansa ya amince, don wasu masu alajin madara waken suya ma yana taɓa su. Wanda ya koma kanta gaba ɗaya sai ya nemo kalsiyam a wani wuri: ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu, miyar kuka, zogale, riɗi, tamba. Akwai kuma madarar shanu da aka riga aka narkar da sukarinta a masana'anta, da ƙwayar laktes da ake haɗiya tare da kurɓin farko. Dukansu suna aiki, samunsu da kuɗinsu ne matsalar.

Inda aka tsaya, da maganar 'yarsa

Shayin safe bai bar shi ba. Yanzu sai ya ci burodi da ƙwai tukuna, sannan a zuba masa kwatan gwangwani, giram 4 ke nan maimakon 16. Mai shayin ya yi ta tsokanarsa wai ya koma shan ruwan bunu. Da rana fura da kofi guda na kindirmon gida. Garin kwakin dare da ƙuli-ƙuli ko gyaɗa yake sha. Jimillar sukarin madarar da yake sha a rana ta dawo wajen giram 13, a rabe gida biyu, kowanne tare da abinci. Wata huɗu ke nan bai sayi maganin ciki ba. Sau ɗaya abin ya dawo, ranar wani ɗaurin aure da ya haɗa askirim da yogot, kuma tun kafin ya kira ni ya san dalili.

Wata matsala ta so ta ɓullo a cikin gidansa. Matarsa, ganin abin da madara ta yi wa maigida, sai ta yanke shawarar daina ba 'yarsu mai wata goma sha takwas madara, ta koma ba ta kunun aya, wai kada ta gaji babanta. Matata ce ta ji ta faɗa mini, na je da kaina. Yarinyar ba ta da wata alama, kuma a shekarunta laktes ɗinta yana nan cike. Ko da za ta gaji uban, sai nan gaba zai riƙa raguwa a hankali. Yanzu ne kuma ƙashinta ya fi buƙatar kalsiyam. Wani bincike da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe saboda laushin ƙashi sun fi warkewa da aka ba su kalsiyam fiye da waɗanda aka ba bitamin D kaɗai, wato ƙarancin kalsiyam a abinci ne tushen ciwon a wurinsu. Yaron da aka raba da madara aka ɗora a kan kunun hatsi da na aya, hanyar nan aka sa shi. Jaririn da bai kai shekara ba kuwa, madarar tsirrai ta gida ba ta maye masa nonon uwa ko kaɗan.

Na ce mata in wata rana yarinyar ta yi gudawa mai tsanani sannan aka ga madara tana ƙara tsinka mata ciki, wannan na ɗan lokaci ne, a kai ta asibiti, a ci gaba da ruwan gishiri da sukari da abinci, likita zai faɗi ko a sauya mata zuwa kindirmo na mako ɗaya ko biyu. Ta ce, "To Yaya, kindirmon Abbanta fa, in riƙa ɗibar mata?" Na ce ta ɗiba, ba sukari. Yanzu lita ɗaya da rabi take kwantarwa kowane dare.